Kamfani Ya Taya Tikitinka: Nawa Ne Ainihin Kuɗinsa?

Da yammacin wata Lahadi wani tsohon ɗalibina ya same ni a bakin shagon mai shayi, ya durƙusa ya gaishe ni, sannan ya miƙo mini wayarsa. Na koyar da shi lissafi a sakandare, yanzu kuma yana sana'ar cire wa mutane kuɗi a bakin kasuwa. Hannunsa na ɗan rawa.

"Malam, don Allah duba mini wannan. In karɓa ko in bari?"

A fuskar wayar akwai tikitin cacar ƙwallo mai wasa biyar. Ya zuba naira 1,000, idan duka biyar ɗin suka zo yadda ya zaɓa za a biya shi naira 40,000. Huɗu sun riga sun shigo tun ranar Asabar. Saura ɗaya, wanda za a buga da dare, inda ya zaɓi cewa ƙungiyar gida ce za ta ci. A ƙasan tikitin ga wani maɓalli da aka rubuta wa Cash Out, a gefensa kuma naira 19,000. Idan ya danna, kuɗin sun zama nasa nan take, tikitin ya mutu, ko me aka tashi a wasan dare babu ruwansa.

Na fara da gaya masa abin da shi ma ya sani. Caca haramun ce a addininmu, hukuncin yana nan a fili cikin Suratul Ma'ida, kuma a Kano hukumar Hisba ta rufe shagunan cacar ƙwallo a 2024. Amma shagon yanzu ya koma cikin aljihu, kuma na lura da cewa matasan da ba sa jin wa'azi sukan tsaya su saurari lissafi, domin lissafi ba ya yi musu faɗa, nuna musu kawai yake yi inda kuɗinsu ke zurarewa. Saboda haka na ce ya jawo benci, na karɓi biro da bayan wata takardar rasit.

Abu na farko da na nemi ya gane shi ne wannan maɓalli ba kyauta ba ne, ciniki ne. Tikitin da ke hannunsa kaya ne mai daraja, kamar buhun masara ko ɗan akuya, kamfanin kuma ya zo a matsayin mai saye ya taya. Duk wanda ya taɓa kai kaya kasuwa ya san ba a cewa "na sallama" sai an san abin da kayan ke yi a ranar. Tambayar ke nan: nawa tikitin yake yi a wannan sa'a? Idan tayin ya kai kuɗin kayan ko ya ɗara, a sayar. Idan bai kai ba, to a san gibin nawa ne, sannan a yanke shawara ido buɗe.

Ya ce mini, "Ai Malam dubu ɗaya na sa. Dubu sha tara riba ce ko ta ina."

Nan ne mafi yawan mutane ke zamewa, kuma kamfanonin sun san haka. Dubu ɗayan nan ta tafi tun ranar da aka buga tikiti, ba ta da sauran magana a cikin wannan shawara. A ce mutum ya sayi ɗan maraƙi da arha, ya yi ta kiwo har ya zama sa. Ranar da zai sayar, ba zai kalli kuɗin da ya saye shi ba ya ce duk abin da aka ba shi sama da haka alheri ne. Zai kalli abin da sa irin nasa ke yi a kara. Wasanni huɗun da suka shigo su ne kiwon. Sun mai da takardar naira 1,000 ta zama wani abu daban, kuma da wannan sabon abu ne za a gwada tayin.

To ta yaya ake sa wa tikiti kuɗi alhali ba a san abin da zai faru da dare ba? Ka'idar gajeriya ce. Ka ɗauki abin da za a biya ka idan tikitin ya ci, ka ninka shi da yiwuwar cin.

```
darajar tikiti = abin da za a biya × yiwuwar ci
```

Idan da wasan daren kamar jefa kwabo ne, rabi da rabi, da darajar tikitin naira 20,000 ce. Dalili kuwa, a ce mutum ɗari ne ke riƙe da irin wannan tikiti a wasanni daban-daban, kusan hamsin za su karɓi dubu arba'in-arba'in, sauran su tashi a tutar babu. In aka tara kuɗin aka raba wa kowa daidai, kowa zai tashi da dubu ashirin. Wannan rabon shi ne ake nufi da darajar gaskiya. Ba wai shi ne abin da zai shiga aljihun mutum ɗaya ba, domin shi ko dai ya sami duka ko ya rasa duka. Farashin adalci ne kawai, wanda idan aka yi ciniki a kansa babu wanda ya kwari wani.

Wahalar tana wajen sanin yiwuwar cin. Ɗalibin nawa ya ce shi a zuciyarsa yana jin ƙungiyar gida za ta ci da kashi tamanin cikin ɗari, domin a gidansu suna da zafi. Na ce masa ya ajiye zuciya tukuna, mu tambayi kamfanin da kansa. Ai kamfanin yana sayar da wannan wasa ga wasu mutane a wannan lokacin, kuma ya rubuta farashinsa a fili. Farashin shi ne lambobin nan da 'yan caca ke kira od. Muka buɗe shafin wasan, muka tarar da lambobi uku: cin ƙungiyar gida 1.80, canjaras 3.60, cin baƙi 4.50.

Kowace od yiwuwa ce da aka juya ta baibai. Ka raba 100 da od ɗin, sai ta faɗa maka kashi nawa cikin ɗari take nufi. 100 a raba da 1.80 ya ba da 55.6. 100 a raba da 3.60 ya ba da 27.8. 100 a raba da 4.50 ya ba da 22.2. Na ce masa ya tara su. Ya tara a wayarsa, ya ɗago kai ya ce 105.6.

Na ce, "Wasa yana da wata hanyar tashi ban da waɗannan ukun?"

Ya ce babu. To in babu, dole jimlar ta zama 100 cif. Wannan 5.6 da ta hau kai ita ce la'adar kamfani, wadda aka cusa a cikin kowace od ta hanyar rage ta kaɗan daga inda ya kamata ta tsaya. Daga nan kamfanin ke cin abincinsa, ko wa ya ci wasa. Don haka 55.6 ba ita ce yiwuwar gaskiya ba, an kumbura ta. Hanya mafi sauƙi ta sace kumburin ita ce a raba ta da jimlar: 55.6 a raba da 105.6, wanda ya ba da kashi 52.6 cikin ɗari. Wannan ita ce yiwuwar da kasuwa ke ba ƙungiyar gida bayan an cire la'ada.

Saura ninkawa. Naira 40,000 sau 0.526 ya kama kusan naira 21,050. Tayin da ke kan waya kuma naira 19,000. Gibin ya ɗan haura naira 2,000, wato kusan kashi goma cikin ɗari na darajar kayan, kuma ninki biyu na abin da ya zuba tun farko.

Ya yi shiru yana kallon takardar. Sai na nuna masa wata hanyar ta duba abin daga ɗaya ɓangaren, wadda ta fi sauri idan mutum yana tsaye a gidan kallo babu biro. Ka raba tayin da abin da za a biya ka. 19,000 a raba da 40,000 ya ba da kashi 47.5 cikin ɗari. Ma'ana, lokacin da kamfanin zai saya daga hannunka, yana yi maka lissafi kamar yiwuwar cin ƙungiyar 47.5 ce. Lokacin da zai sayar wa wani sabon mai zuba kuɗi a kan ƙungiya ɗaya, a minti ɗaya, yana yi masa lissafi da 55.6. Duk wanda ya taɓa zuwa Wapa canjin kuɗi ya san wannan tsari: akwai farashin da ɗan canji ke sayen dala, akwai wanda yake sayar da ita, ribarsa tana tsakanin biyun. Bambancin shi ne a Wapa idan farashin wannan bai yi maka ba sai ka matsa teburi na gaba. Tikitin caca kuwa mai saye ɗaya gare shi a duniya, wato wanda ya buga shi.

Wannan gajeriyar hanya tana da amfani domin tana mai da shawarar tambaya guda: shin yiwuwar cin abin da ya rage ta fi kason da tayin ke nunawa? Idan ta fi, tayin ya yi ƙasa.

A nan akwai kuskuren da masu ɗan sanin lissafi ke yi. Sukan raba abin da za a biya da od ɗin yanzu kai tsaye, 40,000 a raba da 1.80, su sami naira 22,222, su ɗauka darajar ke nan. Wannan ya zarce gaskiya, domin an yi amfani da yiwuwar da ke ɗauke da la'ada. Wanda ya yi haka zai ga kamar an kware shi da fiye da dubu uku, alhali dubu biyu ce. A yi wa kamfanin ma adalci a lissafi, gaskiyar kaɗai ta isa.

Idan wasan da ya rage ya fi ɗaya, aikin bai canza ba, sai dai a yi wa kowane wasa nasa lissafin, a cire la'adarsa, sannan a ninka yiwuwar da juna. A ce ban da wasan daren akwai wani na ranar Litinin da yiwuwarsa, bayan cire la'ada, ta kama kashi 63. Sai a ninka 0.526 da 0.63, a sami kusan kashi 33 cikin ɗari. Darajar tikitin ta sauko ke nan zuwa wajen naira 13,250. Mutane da yawa sukan yi mamakin wannan, domin kowane wasa in aka kalle shi shi kaɗai kamar mai sauƙi ne. Amma biyun tare, sau ɗaya kawai cikin uku suke zuwa.

Ɗalibin nawa ya tambaya ko akwai yadda zai tabbatar cewa dubu sha taran ta yi kaɗan ba tare da ya dogara da wannan cire la'ada da na koya masa ba. Akwai. A shafin wasan akwai zaɓin da ake rubutawa X2, wato canjaras ko cin baƙi, kishiyar abin da ya zaɓa ke nan. Od ɗinsa a lokacin 2.00. A ce mutum ya zuba naira 20,000 a kansa. Idan ƙungiyar gida ta ci, tikitin farko ya kawo 40,000, an yi asarar 20,000, saura 20,000. Idan ba ta ci ba, tikitin farko ya mutu, na biyun ya dawo da 40,000, a cire 20,000 da aka zuba, saura 20,000. Ta kowace fuska dubu ashirin. Wato da farashin kamfanin kansa, wanda la'ada ke ciki, ana iya kulle abin da ya fi tayin da naira dubu ɗaya. Na gaya masa a fili cewa ma'auni nake nuna masa, ba shawara nake ba shi ya yi ba. Yin haka na nufin ya ɗebi dubu ashirin daga jarin sana'arsa ya tura cikin manhajar caca, kuma na ga yadda irin wannan kuɗi ke shiga da sauƙi su ƙi fitowa. Amfanin misalin shi ne ya nuna cewa maɓallin yana da tasa la'adar a kan wadda ke cikin od. Banza ba ta kai zomo kasuwa.

Abin da ya fi ci mini rai a wannan tsari shi ne la'adar ba sau ɗaya ake biyanta ba. Tun ranar da aka buga tikitin an biya. Idan kowanne daga wasanni biyar ɗin yana ɗauke da la'ada irin wadda muka gani, la'adun suna ninkuwa da juna, har takardar da aka saya naira 1,000 darajarta ta gaskiya a minti na farko ba ta wuce wajen naira 760 ba. Shi ya sa wanda ya buga tikiti ya koma nan take ya duba tayin, ko ƙwallo ba a taɓa ba, yakan tarar ya gaza abin da ya zuba. An biya a ƙofar shiga, sannan mai danna maɓallin ya sake biya a ƙofar fita. Wasu kamfanonin ma ba sa lissafa garaɓasar da suke ƙara wa tikiti mai wasanni da yawa idan za su yi tayi, don haka ya kamata mutum ya duba ƙa'idojinsu ya ga da wane adadi ake yi masa lissafi.

Duk da haka, ban ce masa kada ya karɓa ba. Nan ne lissafi ke kai iyakarsa, rayuwar mutum ta shigo.

A farkon watan Maris na 2016 wani mutum a Ingila yana riƙe da tikitin fam 50 da ya zuba a kan Leicester City za ta ɗauki kofin Firimiya, a farashin nan da ya yi suna na 5,000 a kan 1. Da ya jira kuma suka ɗauka, fam 250,000 zai karɓa. Leicester tana saman teburi, saura kusan wasa goma, sai ya karɓi tayin fam 72,000. Ranar 2 ga Mayu Tottenham ta yi canjaras 2-2 da Chelsea, kofi ya tabbata ga yaran Claudio Ranieri, mutane suka yi ta cewa ya yi asarar fam 178,000. Ni ban yarda da wannan hukunci ba. A ranar da ya sayar babu wanda ya san ƙarshen kakar. Abin da ke gabansa shi ne 72,000 a raba da 250,000, wato kusan kashi 29 cikin ɗari. Ko da a ce yiwuwar Leicester a ranar ta ɗara haka, akwai wata tambayar da ka'idarmu ba ta amsawa. Ka'idar tana ɗaukar kowace fam daidai da 'yar'uwarta. A rayuwa kuwa fam 72,000 na farko suna iya biyan bashin gida su sauya wa iyali zama, waɗanda za su biyo baya ba za su yi irin wannan aiki ba. Mai ƙaramin ƙarfi da ya yarda a rage masa wani abu don ya kuɓuta daga yiwuwar tashi hannu rabbana bai yi wauta ba. Inshora ya saya, kuma gibin da ke tsakanin tayi da darajar gaskiya shi ne kuɗin inshorar.

Ƙwai a baka ya fi kaza a akurki, haka ne. Amma karin maganar bai ce a ba da kazar a kowane farashi ba. Ya danganta da yunwar da ake ji da kuma nawa aka rage. Wanda yake danna maɓallin a kan tikitin dubu uku, dubu biyar, duk mako, ba wata rayuwa yake karewa ba, bugun zuciyar minti casa'in kawai yake gudu, kuma yana biyan kusan kashi goma a kowane karo. A koma ga mutum ɗarin nan masu tikiti irin na ɗalibina. In duka suka jira, abin da za su karɓa gaba ɗaya zai kama wajen naira miliyan 2 da dubu 105. In duka suka sayar, miliyan 1 da dubu 900. Naira dubu 205 sun koma wa kamfani ba tare da ya buga ko ƙwallo ɗaya ba.

Akwai kuma kishiyar labarin Leicester, wanda mu a nan muka ji a jikinmu. Ranar 11 ga Fabrairu 2024, a wasan ƙarshe na kofin Afirka a Abidjan, William Troost-Ekong ya sa wa Najeriya ƙwallo da ka a minti na 38, aka tafi hutun rabin lokaci muna gaba da ci ɗaya. Franck Kessié ya farke a minti na 62, Sébastien Haller ya ƙara a minti na 81, Kwaddibuwa ta ɗauki kofi. Duk wanda ya zuba a kan Najeriya kuma ya sayar da tikitinsa lokacin hutu, washegari ya zama gwani a majalisa. Wanda ya riƙe ya zama abin tausayi. Amma shi ma wannan hukuncin da sakamako aka yi shi, ba da abin da aka sani a lokacin hutu ba. Idan tayin da aka yi a lokacin ya gaza darajar tikitin, to wanda ya sayar ya sayar da araha, sa'a ce ta rufa masa asiri. Wannan shi ne abin da ya fi wuyar shiga kan mutane, na kuma fahimci dalili: ranar da maɓallin ya cece ka ba ka mantawa da ita, ranakun da ya ɗan gutsuri dubu ɗaya, dubu biyu kuwa ba sa barin tabo.

Wasan da ake cikin bugawa ma ya fi wuyar sha'ani. La'adar da ke cikin od takan fi ta kafin wasa kauri, lambobin suna motsi kowane lokaci, kuma kafin ka gama raba 100 da lamba uku tayin ya sauya. Ga shi hoton da kake kallo a gidan kallo ko a waya yana bayan abin da ke faruwa a fili da wasu daƙiƙoƙi, kamfanin kuwa yana samun labari kafin kai. Da zarar an sami bugun fenariti ko jan kati ko ƙwallo ta shiga, sai ka ga an rubuta Suspended, maɓallin ya daskare. Wato a daidai lokacin da ka fi bukatar fita, ƙofar a rufe take. Wanda ya buga tikiti da niyyar in abu ya ɓaci zai tsere ta wannan ƙofa, ya dogara da abin da ba a hannunsa yake ba.

Ya kamata in faɗi iyakar hanyar da na koya masa. Kashi 52.6 ɗin nan ƙiyasi ne na kasuwa, ba wahayi ba. Raba la'ada daidai a kan zaɓi uku sauƙaƙawa ce, domin a aikace kamfanoni sukan ɗora mafi yawanta a kan zaɓin da ke da babbar od. Saboda haka idan abin da ya rage maka mai wuyar faruwa ne, darajarsa ta gaskiya takan yi ƙasa da abin da lissafin ya nuna, idan kuma ƙungiya ce mai ƙarfi sosai, takan ɗan fi. Duba od ɗin wasan a kamfani biyu ko uku yana rage kuskure. Amma abin da ba na so mutum ya yi shi ne ya ture lambar kasuwa ya sa tasa don kawai yana son ƙungiyar. In ka ji labarin cewa mai tsaron gida ya ji rauni, ka tabbata kamfanin ya ji kafin kai, kuma od ta riga ta motsa. Hakan na nufin tayin da ya kai darajar gaskiya ko ya wuce ta abu ne da ba a cika gani ba. In ka lissafa ka ga ya wuce, fara da sake duba lissafinka.

Wasu manhajojin suna ba da damar sayar da rabi a bar rabi. A tikitin ɗalibina hakan na nufin ya karɓi naira 9,500 yanzu, ya bar abin da zai kawo 20,000 idan wasan ya ci. Ba wata dabara ce ta kauce wa la'ada ba, rabinta ake biya, wajen naira dubu ɗaya, a kan rabin kariya. Amfaninta shi ne mutum ya sayi inshora daidai bukatarsa, kada ya saya fiye.

Da muka zo nan sai na ajiye biro na tambaye shi abin da lissafi ba zai gaya mini ba.

"Akwai abin da dubu sha taran nan za ta yi maka gobe, wanda in babu ita ba zai yiwu ba?"

Ya sunkuyar da kai. Ya ce kuɗin hayar rumfarsa ya cika tun makon jiya, naira dubu sha takwas, mai rumfar kuma ya ba shi zuwa Talata. Idan ya rasa wurin, akwai mutum biyu da ke jira.

To ga lissafinsa ya fito daban da na mutum ɗarin nan. A gare shi dubu arba'in ba ta ninka dubu sha tara amfani ba, domin dubu sha takwas ta farko ita ce ke riƙe da sana'arsa, kuma jira na nufin kusan kashi 47 cikin ɗari ya wayi gari babu rumfa. Sayar da rabi ma ba zai kai shi ba. Na ce masa in ni ne a matsayinsa zan biya dubu biyun nan, ina sane da cewa biya nake yi.

Sharaɗi ɗaya na kafa masa. Kuɗin da aka karɓa ta wannan maɓalli ba aljihu suke faɗawa ba, cikin asusun manhajar suke sauka, kusa da jerin wasannin dare da ke jiran a zuba musu. Idan suka koma cikin sabon tikiti, an biya la'ada karo na uku ke nan, kuma hayar da aka sayar da tikitin dominta tana nan ba a biya ba. Ya danna a gabana, tayin ya ɗan tsaya yana juyawa na wasu daƙiƙoƙi kafin ya amsa. Bai tashi daga bencin ba sai da ya tura kuɗin zuwa asusunsa na banki, saƙo ya shigo, ya kira mai rumfar ya ce masa yana nan tafe bayan sallar magariba.